Rubuta Bayanin Lafiya da Hausar da Kowa Zai Gane: Likita Ya Amsa

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a karkarar Katsina. An sa ni in rubuta takardar wayar da kai a kan hawan jini. Na fassara abin da ke cikin littafinmu kalma da kalma, amma da na karanta wa mahaifiyata sai ta ce ba ta gane komai ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, littafin an rubuta shi ne domin wanda zai duba mara lafiya, takardarki kuwa ta mara lafiyar ce, kuma bukatunsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka ki karanta littafin har ki fahimta, ki rufe shi, sannan ki amsa abin da mai karatu yake son sani: me yake faruwa a jikina, ta yaya zan gane, kuma me zan yi.

Bari mu ɗauki jimlar da irin waɗannan littattafai suke farawa da ita. Idan aka juya ta yadda take, za ta ce hawan jini shi ne ɗorewar hauhawar matsin jini a jijiyoyi zuwa 140/90 ko sama, galibi ba tare da alamomi ba. Kowace kalma a ciki Hausa ce, amma an cusa bayani uku a numfashi ɗaya, kuma babu mutum a cikinta. Ni ga yadda zan warware ta: "Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa cikin tiyo. Idan ƙarfin turawar ya yi yawa kullum, jijiyoyin suna lalacewa a hankali, har abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko lalacewar ƙoda. Mutum yana iya yin shekaru da hawan jini bai ji ciwon komai ba, don haka awo ne kaɗai yake nuna shi."

Ki lura cewa rubutun ya ƙara tsawo, kuma hakan ba aibi ba ne. Ki kuma lura da kalmar "kullum", wadda ta tsaya a madadin "ɗorewa". Wannan shi ne wurin da masu sauƙaƙa bayani suka fi yin ɓarna, domin suna zubar da sharaɗin da ya sa maganar ta zama gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa sai an auna a ranaku biyu daban-daban an samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 kafin a ce mutum yana da cutar. Idan kika bar wannan, wanda aka auna sau ɗaya bayan ya sha tafiya a rana zai koma gida da fargabar da wataƙila ba ta da tushe.

Lambobin ma kada ki cire su gaba ɗaya, tunda mara lafiya zai gan su a katinsa, amma ki mayar da ma'auni zuwa abin da yake cikin gida. Shawarar hukumar ita ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini. Uwargida ba ta auna gishiri da giram, don haka ki rubuta cewa bai cika cokalin shayi ɗaya ba, na yini guda, kuma har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗano. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishiri, ya kamata a ambace ta.

Abu na ƙarshe da nake roƙon ki shi ne ki rubuta a fili cewa maganin yana saukar da hawan jini ne muddin ana shan sa, ba ya kawar da shi. Littafi yakan ce an shawo kan cutar, mai karatu kuma ya ji kamar an ce ya warke, ya ajiye ƙwayoyinsa. Na fi jin tsoron wannan kuskuren fiye da duk sauran.

Tambaya: Ina gabatar da shirin lafiya a rediyo. Na ce idan mai AS ya auri mai AS akwai haɗarin kashi 25 cikin ɗari na haihuwar mai sikila. Wani ya bugo waya ya ce ɗansa na fari SS ne, ashe ke nan ukun da za su biyo baya sun tsira. Yaya ya kamata in faɗa?

Amsa: Malam, lissafinka daidai ne, abin da ya ɓace shi ne kalmomin "a kowane ciki". Idan aka ce ɗaya cikin huɗu kawai, kunne yana jin 'ya'ya huɗu a jere, ɗaya mara lafiya, uku lafiyayyu. Gaskiyar ita ce kowane yaro yana karɓar rabin gadon halittarsa daga uwa, rabi daga uba, kuma ana sake rabon daga farko duk lokacin da aka samu ciki. Idan ya karɓi S, wato gadon sikila, daga ɓangarorin biyu ya zama SS, mai cutar ke nan, idan daga ɗaya ne ya zama AS, idan bai karɓa daga kowa ba ya zama AA. Cikin da ya gabata ba ya rage wa na gaba komai, shi ya sa ake samun gidan da yara uku a jere suke da sikila, a kuma samu gidan da babu ko ɗaya.

Ina ba ka shawara ka bar "kashi cikin ɗari" a irin wannan bayani, ka ce a kowane ciki akwai hanyoyi huɗu, ɗaya tana kaiwa ga SS, biyu ga AS, ɗaya ga AA. Ka kuma ƙara cewa mai AS galibi lafiyarsa lau yake rayuwa, domin kalmar "mai ɗauke da" da ake yawan amfani da ita tana sa wasu su ɗauka shi ma majinyaci ne, har a ƙyamace shi a maganar aure ba gaira ba dalili.

Tambaya: Ni ɗalibin aikin jinya ne. Shin in riƙa ƙirƙiro kalmomin Hausa tsantsa, ko in bar na asibiti? Kuma ta yaya zan san an gane rubutuna?

Amsa: Ɗana, ka riƙe kalmar da mara lafiya zai ji a bakin ma'aikata ko ya gani a takardarsa, kamar sikila da insulin da AS, ka bayyana ta sau ɗaya a inda ta fara fitowa, sannan kada ka sauya mata suna a tsakiyar rubutu. Sabuwar kalmar da kai kaɗai ka sani ba za ta taimake shi a gaban mai ba da magani ba. Gajerun alamomin likitoci kuwa a warware su duka: inda aka rubuta tds, kai ka ce sau uku a yini, ka kuma faɗi lokutan, domin wani zai iya shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar.

Game da gwaji, ka karanta wa mutanen da ba su taɓa aikin asibiti ba, kuma kada ka tambaye su ko sun gane, domin kunya da girmamawa za su sa su ce eh. Ka ce su faɗa maka da bakinsu abin da za su gaya wa maƙwabci, da abin da za su yi gobe da safe. Duk inda amsarsu ta kauce, ka koma kan jimlar da ta haifar da kaucewar ka sake ta, sannan ka ba wani ma'aikacin lafiya ya duba ko gyaran ya taɓa gaskiyar maganar kafin a buga.