Ina jin kowa a Zoom, amma ni ba a ji na

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutata mai Windows 11 ce. Idan na shiga darasi a Zoom ina jin malami sarai, amma ni ba a jin muryata. Sau biyu ina goge Zoom ina sake sakawa, babu canji. Wani ya ce makirufon ne ya mutu, in kai wa mai gyara. Me kuke gani?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Don Allah kada ka kai ta gyara tukuna. Na daɗe ina haɗa wa mutane taro da darasi ta Zoom, kuma da wuya in ga makirufon da ya mutu da gaske. Galibi ko dai Windows ce ta hana izini, ko kuma Zoom na sauraren wata na'ura daban. Goge manhajar bai taɓa maganin na farkon ba, domin izinin ba a cikinta yake ba.

Fara da gwajin da zai raba gardama. Buɗe Sound Recorder, ka yi magana na daƙiƙa 10, ka saurara. In ka ji muryarka, makirufonka lafiya lau yake, zancen mai gyara ya ƙare. In ba ka ji ba, ko hakan bai nuna ya mutu ba, sai ka duba izini.

Shiga Settings, sai Privacy & security, sai Microphone. Maɓallai uku za ka gani, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Na sama, Microphone access, shi ne babbar ƙofa. Na biyu, Let apps access your microphone. Na ukun yana can ƙasa, sai ka gangara: Let desktop apps access your microphone. Zoom ɗin da ka sauko da shi daga shafinsu a ƙarƙashin na ukun yake. Shi ya sa za ka tarar Sound Recorder na ɗaukar murya amma Zoom shiru: biyun farko a kunne, na ukun a kashe. Kunna su duka, ka rufe Zoom gaba ɗaya, ka sake buɗewa.

In izini daidai yake, saura zaɓin na'ura, kuma wannan ne ya taɓa wahalar da ni. Wata rana ana jirana in gabatar da bayani, ina ta magana ana rubuto mini cewa ba a ji. Alamar makirufo a buɗe take, babu jan layi. Ashe iyafis ɗina na Bluetooth yana cikin jaka a kunne, ya haɗu da kwamfutar da kansa, Zoom kuma ya ɗauke shi a matsayin makirufo. Ni kuwa ina jin mutane ta lasifikar kwamfuta, domin Zoom na zaɓen abin ji da abin magana daban-daban. Wato jin da kake yi wa malam ba ya nuna komai game da makirufonka.

A cikin taro, danna 'yar kibiyar da ke jikin alamar makirufo. Ƙarƙashin Select a Microphone duba wanda aka yi wa alama. In an zaɓi Same as System, Zoom na bin duk abin da Windows ta ɗauka ne, ko da iyafis ɗin cikin jaka ne. Ni na fi son in zaɓi na jikin kwamfutar da sunansa, wanda sau da yawa yake farawa da Microphone Array. Sannan ka danna Test Speaker & Microphone. Idan kana magana koren launi na motsi a alamar makirufon, muryarka na shiga. Idan ya tsaya cak, gwada na gaba a jerin.

Ka kuma kalli madanninka. Wasu kwamfutocin na da maɓallin kashe makirufo a layin sama, mai ɗan haske. In an taɓa shi bisa kuskure, Zoom zai nuna a buɗe kake alhali ba abin da ke fita.

In wataran ka shiga ta Chrome, misali Google Meet, akwai ƙarin izini na shafin kansa. Ƙin ba shafin izini sau ɗaya ya isa ya hana ka har sai ka canja. Rubuta wannan a wurin adireshi, ka cire shafin daga jerin waɗanda aka hana:

```
chrome://settings/content/microphone
```

Kyamara ma hanyar ɗaya ce, Camera maimakon Microphone, sai dai ka duba ko an ja ɗan murfinta, ko wata manhaja kamar Teams ta riga ta riƙe ta.

In ka gwada duk wannan bai yi ba, jona iyafis mai waya ka zaɓe shi a jerin. Idan an ji ka da shi, na jikin kwamfutar kuma har Sound Recorder ba ya ɗauka, to a nan ne zan yarda ka nemi mai gyara. Turo mana hoton jerin Select a Microphone ɗinka mu duba tare.