Dutse a hoton waya: daiman ne ko kwalba?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da agogo da zobba a Kejetia, ina zaune a Aboabo. Wani yaro da ke aikin haƙa a wajen Akwatia ya turo mini hoton duwatsu uku farare masu walƙiya, ya ce daiman ne, babban ya kai ƙwayar gyaɗa. Yana son in tura sidi 4,000 ta momo kafin alƙalami, sai ya kawo su Kumasi. Na turo maka hoton, don Allah ka duba mini, na gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga hoton, kuma ba zan ce maka e ko a'a ba. Duk wanda ya yanke maka hukunci daga wannan hoto, ko ya shekara talatin a harkar duwatsu, kintace ya yi.

Abubuwan da ke raba daiman da gilashi su ne nauyi, tauri, saurin ɗaukar zafi, da yadda haske ke karyewa a cikin dutsen. Ukun farko kyamara ba ta kama su sam. Na huɗun kuma, wato walƙiyar da ta ɗauki hankalinka, mai ɗaukar hoton ne ke da iko da ita. A ɗora ɓallin kwalba kan baƙin ƙyalle, a jiƙa shi da ruwa, a haska masa tocilan daga gefe, zai yi ƙyalli har da launin bakan gizo. Wayar ma da kanta tana ƙara wa hoto haske da kaifi, sannan WhatsApp ya matse shi, 'yan ƙananan alamun da ido ke nema su ɓace. Ko girman dutsen ba ka sani ba, tunda ba a ajiye komai kusa da shi ba. Balle kuma tabbacin cewa dutsen da ke hoton shi ne zai iso hannunka.

Abu ɗaya hoton ya gaya mini, kuma ba ya goyon bayan yaron. Ɗanyen daiman da aka wanke daga tsakuwa ba ya walwali irin na zobe. Ƙyallin zobe daga yanka da gogewa yake zuwa. Wanda ba a taɓa ba yakan yi dishi-dishi da maiƙo, kamar an shafa masa man kaɗanya, kuma sau da yawa siffarsa dala biyu ce da aka haɗa gindinsu, fuska takwas. Akwatia kuwa gaskiya ne ƙasar daiman ce, tun 1919 aka gano shi a kwarin kogin Birim, amma an san na wurin da ƙanƙanta, mafi yawansa bai kai karat ɗaya ba. Karat ɗaya giram 0.2 ne. Dutse mai girman gyaɗa ya kai karat da yawa, kuma wanda ya tsinci irinsa a garin da masu saye ke zaune ba ya bukatar sidi 4,000 na mai agogo a Kejetia. Wannan ya fi hoton damuna.

In har yaron ya yarda ya kawo duwatsun ba tare da ka tura ko sisi ba, to fara da madubin da kuke duba cikin agogo da shi, mai ƙara girma sau goma. Wanke dutsen, ka leƙa cikinsa a hasken rana. Kumfar iska mai zagaye, ko layuka masu murɗewa kamar abu ya narke ya daskare, alamar gilashi ce. Duba inda ya ɓalle: gilashi yana ɓallewa da lanƙwasa mai santsi irin ta bakin fasasshiyar kwalba. In kuwa dutsen dogo ne mai gefe shida da tsini a kai, da siraran layuka a kwance a jikinsa, ƙanƙarar dutse ce. Ita ce ta fi yaudarar masu haƙa, don dutse ne na Allah da gaske, daga rami ɗaya yake fitowa, sai dai ba shi da kuɗi. Yaron ma yana iya zama bai san abin da ke hannunsa ba.

Gwajin da na fi yarda da shi a shago shi ne na nauyi, kuma ƙaramin sikelin masu zinariya mai auna giram 0.01 ya isa. Auna dutsen a bushe, a ce ya ba ka 0.80. Sai ka ɗora ƙaramin kofin ruwa a kan sikelin, ka mayar da lambar sifili. Ɗaure dutsen da siririn zare, ka riƙe zaren ka saukar da shi cikin ruwan har ya nutse, kada ya taɓa gindi ko gefen kofi, kuma ka kaɗa shi kumfa ta rabu da jikinsa. Lambar da ta fito nauyin ruwan da dutsen ya ture ne. Raba ta farko da ta biyu. In ka ga 0.32, amsa 2.5 ke nan, gilashin kwalba. In 0.30 ne, ka sami kusan 2.65, ƙanƙarar dutse. Daiman yana kan 3.52, don haka sikelin ya kamata ya nuna 0.23. In ya nuna 0.14, amsar ta kusa 6, wannan zirkoniya ce, dutsen masana'anta da ke kan yawancin zobban da ke cikin gilashin shagonka.

Wannan gwaji ya fi iya kore ƙarya da ya tabbatar da gaskiya. Dutsen da ya ba da 2.5 an gama da shi, ka sallami mai shi. Wanda ya ba da 3.5 bai zama daiman ba tukuna, domin farin tofaz, wani dutsen ado na Allah, nauyinsa kusan ɗaya da na daiman, akwai kuma gilashi mai dalma da ke kaiwa nan. Ƙananan biyun kuwa kada ka wahalar da kanka, a dutsen da bai kai rabin giram ba kuskuren 0.01 kaɗai yana rikita lissafin.

Za a ce maka, ga shi yana yanka gilashi. Kada wannan ya burge ka. A ma'aunin tauri gilashi yana wajen 5.5, ƙanƙarar dutse 7, daiman 10, saboda haka ƙanƙarar ma tana karce madubi sarai. Masu cewa a buga da guduma kuma su ne suka fi ɓarna, daiman na gaske yana tsagewa in an buge shi. Ɗan na'urar nan mai kama da biro da ake dangwala wa dutse ta yi ƙara, zafi take aunawa. Tana kama gilashi da zirkoniya, amma moisanait, wani dutsen masana'anta mai kama da daiman, yana wuce ta lafiya lau, kuma ana sayar da shi da araha.

Akwai kuma batun doka. Sayen ɗanyen daiman a Gana sai da lasisi, fitar da shi waje kuma sai da takardar Kimberley mai shaida asalin daiman, tsarin da ya fara aiki a 2003. Aikin cinikin zinariya da daiman da kamfanin gwamnati na PMMC ya riƙa yi a Diamond House da ke Accra ya koma hannun hukumar GoldBod a 2025, can ne za ka tambayi sharuɗɗan. Ko dutsen ya zama na gaske, in ba ka da takarda, wa za ka sayar wa, kuma a nawa? Mai saye a ɓoye shi zai yanka maka farashi, ba ka da bakin magana.

Ga abin da zan rubuta wa yaron in ni ne kai: ba kafin alƙalami, kuɗin mota kaɗai zan biya in ka iso, kuma tare za mu kai duwatsun wurin mai lasisi ya gwada a gabanmu. In sun tabbata, shi ya saya, kai kuma Alhaji ka karɓi la'adar haɗa ciniki. In ya ce akwai wani mai saye da ke jira gobe da safe, ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ya sayar masa.