Esi mai tan 1.5: nawa za ta riƙa ci min a wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa da leshi a Kano, ina so in sa esi. Mai sayarwa ya ce tan 1.5 ce, a jikin kwalin kuma an rubuta 18,000 BTU/h da 5.3 kW. Ina buɗe shago awa 10 kullum, ban da Juma'a. Wutar nawa zan riƙa saye?

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Lambobin nan uku abu ɗaya suke faɗa, wato yawan zafin da na'urar ke iya kwashewa daga ɗaki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke nuna wutar da take sha.

Tan ɗin esi ya samo asali ne daga zamanin da ake sanyaya wuri da ƙanƙara. Zafin da zai narkar da tan ɗaya na ƙanƙara, kimanin kilo 907, cikin awa 24, shi ake kira tan ɗaya. Ga yadda suke haɗuwa:

```
tan 1 = 12,000 BTU/h = 3.517 kW
tan 1.5 = 18,000 BTU/h
kW 1 = 3,412 BTU/h
18,000 ÷ 3,412 = 5.28 kW
```

Ka ga inda 5.3 ɗin kwalinka ta fito. Mutane da yawa a nan suke tsorata, su ɗauka mita za ta riƙa cire yunit biyar da ɗoriya duk awa. Esi ba ta ƙirƙiro sanyi daga wuta, zafin cikin ɗaki take ɗauka ta fitar waje, shi ya sa in ka tsaya gaban injin da ke waje za ka ji hucinsa a fuskarka. Da kilowat ɗaya na wuta tana iya fitar da zafi kusan kilowat uku.

Don haka ka ce wa mai sayarwa ya nuna maka takardar da ke manne a gefen injin, ka nemi layin da aka rubuta Power Input. Mu ɗauka ka ga wat 1,700, abin da ba baƙo ba ne ga esi mai wannan girma. Kilowat 1.7 ke nan, wato yunit 1.7 a kowace awa idan kwamfaresa na aiki bai tsaya ba. A awa 10 ta sha yunit 17.

Farashin yunit kuma kada ka tambayi kowa. Ɗauko rasidin wutar da ka saya na ƙarshe, ka raba kuɗin da ka biya da yawan yunit ɗin da aka ba ka, haraji ma ya shiga ciki. A ce ya kama naira 225. Yunit 17 sau 225 ya ba ka naira 3,825 a rana, kwana 26 kuma naira 99,450. Da ka yi lissafin da 5.3, da ka samu sama da naira dubu 300 a wata, ka fasa saye a banza.

Wannan dubu 99 ɗin lissafin bazara ne, kuma ni a kansa nake so ka gina kasafinka. Da damina ko hunturu kwamfaresa na hutawa idan ɗaki ya yi sanyi, kuɗin ya ragu sosai. Amma a Afrilu, rana ta take, ƙofar shago ba ta rufuwa saboda masu shiga da fita, ba zai huta ba. Zai ma iya ɗara abin da aka rubuta, domin yawanci ana auna waɗannan lambobi ne a zafin waje na digiri 35, alhali Kano kan haura 40 a wannan lokaci. Idan zafi ya ƙaru, sanyin da take bayarwa yana raguwa, wutar da take ja tana ƙaruwa.

Wani wurin da ake cutar mutane a kasuwa shi ne haɗa tan da doki. A wajenmu esi mai doki 1.5 yawanci 12,000 ce, wato tan ɗaya kacal, mai 18,000 kuwa ita ake kira doki 2. Kada a karɓi kuɗin tan 1.5 a kai maka doki 1.5. Ranar da aka kawo kaya, ka duba da idonka cewa 18,000 ɗin na jikin injin kansa, kafin a fasa bango.

Bayan an kafa ta, ka gwada da rana tsaka. Rubuta abin da ke kan mita, ka bar fitilu da fanka su yi awa ɗaya ban da esi, ka sake dubawa. Sannan ka kunna ta awa ɗaya, ka cire abin da aka ci a awar farko daga abin da aka ci a ta biyu. Idan tana cin fiye da yunit 2 amma shagon bai yi sanyi ba, a duba ƙurar da ta toshe ragar injin waje, a kuma duba ko rana na dukansa kai tsaye. Idan tana cin ƙasa da yadda aka rubuta sosai, iskar kuma ba sanyi, a sa mai gyara ya auna gas.