Laftof ɗina ya killace fayil, in goge shi ko in bari?

"Malam, na dawo daga wurin buga takardu a Runjin Sambo, na sa filashi, sai Windows Security ya nuna mini abu biyu: Trojan:Win32/Wacatac.B!ml da Quarantined a ƙasansa, da kuma PUADlManager:Win32/OfferCore da Active. Mi ya kamata in yi?" Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

Malama, wanda ya fi ba ki tsoro shi ne wanda aka riga aka gama da shi. Quarantined na nufin an ɗauke fayil ɗin daga inda yake, an kulle shi a inda ba zai iya tashi ya yi aiki ba. Ba a goge shi ba ne don ana iya yin kuskure, musamman idan sunan ya ƙare da !ml, wato kamannin fayil ɗin aka duba aka yi zato.

To ta yaya za ki gane ko kuskure ne? Ki shiga Protection history, ki danna sunan, ki karanta layin Affected items, wanda ke nuna inda fayil ɗin ya fito. A ce kin ga E:\Project.docx.exe. Harafin E galibi filashinki ne, kuma takardar rubutu ba ta ƙarewa da .exe, don haka wannan manhaja ce ta yi shigar burtu da sunan aikinki. Ki danna Remove. Na sha ganin ɗalibai sun danna Restore don sun ga sunan furojet ɗinsu, sai su saki abin da aka ɗaure da hannunsu. Ainihin takardar sau da yawa tana nan cikin filashin an ɓoye ta, ki kunna Hidden items a File Explorer ki duba; idan ba ta fito ba, ki cire alamar Hide protected operating system files a Folder Options ki sake dubawa.

Na biyun ne ke jiran ki, domin Active na nufin yana nan a sake. Duk sunan da ya fara da PUA ba bairos ba ne kai tsaye, shi ya sa galibi ake ba shi matakin Low. Irin manhajar nan ce da ke maƙalowa a jikin wata ta kyauta da aka sauko da ita, ta cika ki da talla ko ta cusa miki abin da ba ki nema ba. Idan Affected items ya nuna Downloads kawai, ki zaɓi Remove, shi ke nan. Idan kuwa kin riga kin girka manhajar, goge fayil ɗin bai isa ba: ki shiga Settings, sannan Apps, ki jera su bisa kwanan wata, ki cire duk wadda ta shigo rana ɗaya da ita ba ki san ta ba. Kada ki taɓa Allow on device, don daga nan ba za a sake yi miki gargaɗi a kansa ba.

Idan sunan ya dawo bayan kin kashe kin kunna, ko kika ga Remediation incomplete, ki jona caja ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan a cikin Scan options. Laftof ɗin zai sake tashi da kansa, aikin kuma yakan ɗauki kamar minti 15.