Dubu hamsin ba shago: kayan masarufi ko kayan waya?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da naira dubu 50 da na tara, ba ni da shago kuma ba ni da halin kamawa. Ina Kano. Tsakanin saro kayan masarufi in riƙa sayarwa a ƙofar gida da yawo da kayan waya irin su caja da iyafis, wanne ya fi? Waɗanda suka taɓa yi su taimaka mini da shawara.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi duka biyun, kuma har yanzu ina cikin harkar kayan waya. In ni ne da wannan kuɗin a hannu, kayan waya zan kama, amma ba kowane irin kayan waya ba. Bari in fara sallamar maganar masarufi tukuna.

Kayan masarufi ba sa kwantai, kullum sai an ci. Matsalarsu ribar siririya ce ƙwarai, kuma kowa ya san farashi. Ka je kasuwar Singa ka saro katan ɗin taliya mai guda 20, ka biya ɗan dako, ka biya adaidaita sahu, ka kawo unguwa. In ka ɗora abin da ya wuce na mai shagon layinku da naira hamsin kacal, yaron da aka aiko zai wuce ka. Shi mai shagon yana sarar katan goma ko ashirin a lokaci guda, ragin da ake yi masa kai ba za ka samu ba. Inda ƙaramin jari yake ɗan numfasawa a masarufi shi ne ƙulli: ka sayi sukari, gishiri, man gyaɗa ko garin omo da yawa ka ƙuƙƙulla na ɗari da na ɗari biyu. Wannan kuwa sana'ar zaman gida ce, ta fi dacewa da wanda yake da mata ko ƙanne da za su tsare tebur tun safe har dare. Sannan ga bashi. Abokan cinikinka maƙwabtanka ne, kuma wadda ta aiko a ba ta sukari zuwa gobe ita ce ta goya ka kana yaro. Ba ka iya hanawa, ba ka iya zuwa tambaya. Dubu hamsin ba ta jure wata biyu a haka.

Kayan waya akasin haka suke. Riba a kan guda ɗaya tana da kauri, wani lokacin ta kusa ninka kuɗin sari, sai dai kaya suna iya zama a jaka har su tsufa. Saboda haka gwanintar duka tana wurin zaɓen abin da za ka sara.

Duk abin da aka yi don samfurin waya ɗaya, ka bar shi tukuna. Ina nufin rigar waya da gilashin fuska. Su ne suka fi ɗaukar ido a kasuwar waya ta Farm Centre, su ne kuma suka fi cinye jarin sabon shiga. Tecno da Infinix da itel da Redmi kowace shekara sai sun fitar da sababbi, kowace da girmanta da inda ramin kyamararta yake. Mai shago yana iya ajiye riguna na samfuri ɗari, kai kuɗinka ba zai wuce na biyar ko shida ba, kuma mutum goma za su tambaye ka kafin ka dace da wanda wayarsa ta yi daidai da naka. Ragowar kuma da an daina yayin wayar, ko kyauta ba mai karɓa. Ka bar fawa banki mai arha da memori ma. Akwai memorin da zai nuna maka 32GB a waya, sai mutum ya zuba hotunan bikinsa su lalace, domin ainihin cikinsa bai kai haka ba. Wannan rigimar ba ta mai yawo da jaka ba ce.

Ka tsaya a kan abin da yake shiga kowace waya kuma yake lalacewa a hannun mutane kullum: igiyar caja, kan caja, da iyafis mai waya. Bakin igiya iri uku ne. Type-C shi ne na yawancin wayoyin yanzu, har iPhone tun daga 15 da ta fito a 2023. Sai ƙaramin baki na da, wanda 'yan kasuwa suke ce wa na Android ko V8, wanda har yanzu yake tafiya saboda tsofaffin wayoyi, ƙananan wayoyi masu madanni, fitilun caji da rediyon Bluetooth. Sai na tsohuwar iPhone, wanda kaɗan ya ishe ka in ba kusa da jami'a kake ba.

Ga yadda zan raba kuɗin. Farashin da zan faɗa na misali ne don ka ga tsarin lissafin, kasuwa tana motsi da dala, ka tambaya da bakinka ranar da ka shiga. Dubu takwas ka ajiye a gefe kada ka taɓa, ita ce ta sake sarin abin da ya fara ƙarewa. Dubu biyu kuɗin mota. Dubu shida ka sayi jaka mai aljihuna da ƙaramin fawa banki, ko na hannu ne, na gwaji ba na sayarwa ba. Saura dubu 34. Igiyar Type-C guda 15 a kan 700, ƙaramin baki guda 8 a kan 500, ta iPhone guda 3 a kan 900, kan caja guda 6 a kan 1,800, iyafis guda 10 a kan 600. Ka haɗa za ka ga dubu 34 cif. In ka sayar da Type-C a 1,300, ƙaramin baki 1,000, ta iPhone 1,800, kan caja 2,800, iyafis 1,200, za ka tashi da 61,700. A takarda ribar 27,700 ke nan. Kada ka yarda da wannan lambar. Bahaushe ba ya sayen abu bai yi tayi ba, za a dawo maka da biyu ko uku, za ka sha ruwa ka hau mota. In dubu 18 zuwa 20 ta tsira, ka yi kasuwa. Abin da za ka sa wa ido shi ne kwana nawa ta ɗauka. Dubu 18 a mako biyu sana'a ce, dubu 18 a wata uku kuwa kana cin uwar kuɗi ne ba ka sani ba.

Ranar sari kada ka saya a shagon farko. Zaga uku ko huɗu, kuma ka ce farashin sari kake so, na dozin, domin in ka ɗaga guda ɗaya ka ce nawa, kuɗin ɗaiɗai za a faɗa maka. Kowane kaya yana da daraja uku: na can ƙasa, na tsakiya, da na kamfani mai suna irin su Oraimo. Na ƙasan ne yake ruɗar mutane saboda arha, amma igiyarsa tana yin mako ɗaya ta fara sai an lanƙwasa ta kafin ta kawo wuta, kuma fuskarka mai saye zai tuna, ba ta dila ba. Na kamfani kuma yana da kyau, sai dai guda goma sun cinye jarinka, ga jabunsa cike da kasuwa a kwali iri ɗaya. Na tsakiya shi ne naka.

Gwaji kuma a gaban mai shagon za ka yi shi, kada kunya ta hana ka. Je da wayarka cajinta ya yi ƙasa, kamar kashi 30, don waya mai cikakken caji ba ta jan wuta sosai, ba za ka gane komai ba. In wayarka mai saurin caji ce, jona ka duba ko ta rubuta Fast charging ko abin da ta saba rubutawa da cajarta ta asali. Girgiza igiyar a daidai wuyanta, inda roba ta haɗu da ƙarfe. In alamar caji tana ɗaukewa tana dawowa, ajiye ta. Kan caja kuwa ka auna shi a tafin hannu. Wanda ya cika sakayau babu abin kirki a cikinsa, komai girman lambar da aka buga a jikinsa, ko da yake nauyi kaɗai ba shaida ba ne, akwai masu cusa ƙarfe a ciki. Bar shi a jone minti biyar ka taɓa: ɗumi ba laifi, zafi mai ƙuna ko ƙara siririya kamar ta sauro alama ce mara kyau. Akwai kuma wata dabara: yayin da take caji, gwada rubutu a fuskar wayar. In ta fara danna kanta ko tana tsallake haruffa, wutar kan ba tsaftatacciya ba ce. Iyafis ka saurari kunne biyu, sannan ka kira wani ka tabbatar yana jin muryarka, domin wurin maganar ne yake fara mutuwa. Kafin ka biya ku yi magana a fili: wanda aka dawo da shi bai yi aiki ba, zai canza? Dilan da ya ce e kuma ya cika, riƙe shi ko da ya ɗara sauran da naira hamsin.

Wurin sayarwa, ka je inda mutum yake gano cajarsa ta mutu. Masu cajin waya na unguwa su ne na farko, mutane a nan suke ganin igiyarsu ba ta aiki. Ajiye wa mai caji igiya biyar, ku ƙirga tare, ka rubuta a littafi a gabansa, ka yanka masa la'adar ɗari ko ɗari biyu a kan kowace, ka dawo bayan kwana uku. Kada ka wuce biyar sai ya cika sau biyu ko uku. Haka masu POS. Sai tashar mota, inda matafiyi ya manto tasa a gida kuma ba ya jan ciniki, sai dai za ka iya haɗuwa da masu yankar tikiti, ka tanadi canjinsu. Sai majalisun dare da bakin masallaci bayan Juma'a. In kana da ƙarfin fita, kasuwannin mako irin ta Wudil ranar Juma'a suna cin ƙaramin baki fiye da cikin birni, don haka ka sauya yawan abin da za ka ɗauka. Hoton kaya a status ɗin WhatsApp yana kawo ciniki, amma yawanci na 'yan'uwa da abokai ne, su ne kuma masu cewa “zan turo maka anjima”.

Fawa bankin nan da na ce ka saya, shi ne makaminka. Ka jona wa mutum igiyar a wayarsa ya gani da idonsa kafin ya biya. Yana sa ya saya da sauri, kuma yana toshe bakin wanda zai dawo gobe da wata tsohuwar igiya ya ce taka ce. Ni nakan ɗiga jan farce a jikin kowace igiya tawa don in gane ta, nakan kuma faɗa tun farko: kwana uku ina canzawa, ban da wadda aka tsinka ko ta sha ruwa. Sau da yawa ma laifin ba na igiya ba ne, ƙura ce ta cushe ramin cajin wayar. Tsinken sakace a hankali yana fitar da ita, kuma wanda ka yi wa haka kyauta, gobe kai zai nema.

In an ce an turo kuɗi, buɗe manhajar bankinka ka ga sun shiga, kada ka dogara da hoton rasit ko saƙon tes. Da dare kuma ka raba kuɗin gida biyu: kuɗin sarin duk abin da ya fita ya koma jaka, ribar ce kawai ta aljihu, ita ma rabinta ya bi jari a watannin farko. Kada ka jira kaya su ƙare kafin ka koma kasuwa. Da Type-C ta rage uku, ɗauki dubu takwas ɗin nan ka ƙaro. Abin da ya yi wata guda bai motsa ba, sake shi a kuɗin da ka saro, ka zuba kuɗin a wanda yake tafiya. Gilashi kuma sai ka ga mutum biyar sun tambaye ka na waya iri ɗaya, sannan ka saro na wannan samfurin kaɗai, ka fara koyon liƙawa a wayarka kafin ka taɓa ta mutane.