Yadda ake rubuta sunan littafin Larabci da na ajami a manazarta

"Oga, an kawo min kundin digiri na Hausa in gyara manazarta, akwai littafin Larabci guda ɗaya da wata waƙar ajami, in bar su da baƙaƙen Larabci ne ko yaya zan yi?"

A'a yaro, kar ka bar su haka, sassan jami'a da yawa salon APA suke bi, shi kuma cewa ya yi a mayar da sunan zuwa baƙaƙen boko, sannan a sa fassararsa cikin baka mai kusurwa da harshen da aka rubuta kundin, tunda naka na Hausa ne to fassarar ma Hausa. Ɗauki Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bugun Rabat:

```
Bello, M. (1996). Infāq al-maysūr fī tārīkh bilād al-Takrūr [Ciyar da abin da ya sawwaƙa game da tarihin ƙasashen Takrur].
```

sai sunan mai tahƙiƙi da maɗaba'a su biyo baya. Sunan Larabcin ne kawai za ka kwantar, fassarar tana tsaye abinta. Shekara kuma ta bugun da ke hannun ɗalibin ce, 1996, a ƙarshe ka nuna an wallafa asalin a 1812, wato 1227 ta Hijira. In ya rubuta 1812 kawai ga lambar shafi a cikin kundi, tambaye shi shafin wane bugu, za ka ga ya fara sosa ƙeya.

Wajen ajamin ne fa mutane ke kwafsawa, har waɗanda suka daɗe a harkar. Suna ganin baƙaƙen Larabci sai su ɗauko teburin ALA-LC na mayar da baƙaƙen Larabci zuwa boko su bi harafi harafi, alhali waƙar Hausa ce tsantsa. A ajami غ shi ne g, ث shi ne c, ط kuma ɗ, to in ka bi ƙa'idar Larabci gari zai fito maka ghari, ciki ya zama thiki, abin da ba Bahaushen da zai gane. Da ka ga gh ko th a sunan waƙar Hausa ka san ɓarna aka yi. Karanta sunan da bakinka kamar yadda ake faɗa, ka rubuta da boko na yau da kullum da ƙugiyoyinsa, ba fassara tunda Hausa ce a kundin Hausa, sai dai ka sa [Rubutun ajami] a baka don mai nema ya san me zai tarar. In rubutun hannu ne ƙara inda aka ajiye shi da lambarsa. Ai sau da yawa ma waƙar ba ta da suna a jikin takardar, baitin farko za ka ɗauka.

Kuma kafin ka buga, duba ā da ī da ƙ a takarda ɗaya tukunna, wasu fon ɗin akwati suke fitarwa a wurinsu, na taɓa asarar shafi arba'in a kan haka.