Yadda za ka kama kuskurenka a firimitif

"Ina tarminal a nan Damagaram. Firimitif na 1/(2x+1) na rubuta ln|2x+1|, mushe ya soke. Ina kuskuren?"

Ƙanena, ɗauki amsar taka ka yi mata deribe, ka ga ko za ta maido ka inda ka taso. Deribe na ln|2x+1| shi ne 2/(2x+1), domin abin da ke cikin ln ma sai an yi masa deribe, daga nan 2 ɗin ya fito. Ka ga ya ninka abin da aka ba ka. Sai ka raba da 2: (1/2)ln|2x+1| + C. Sake gwadawa, 1/(2x+1) zai fito daidai.

Amma ka kula, wannan gyaran yana yiwuwa ne don abin da ya yi rara lamba ce tsayayya. Da 1/(x²+1) aka ba ka, ka rubuta ln(x²+1), rarar 2x ce, kuma ba a raba ta haka. Gwada deribe na ln(x²+1)/(2x), za ka ga wani gutsure ya ɓullo wanda babu shi a tambayar. Ɗalibai da yawa nan suke faɗuwa, abin yana damuna.

Ni ko a dabuwar ba na miƙa takarda sai na yi gwajin nan a gefe. C kaɗai ba ya kamawa, tunda deribe ɗinsa 0 ne, shi sai ka duba da ido.